Takardar Ajiye Aiki: Yadda Ma'aikaciyar Jinya Ke Barin Asibiti Ba Tare da Ta Bar Baya da Ƙura ba

Samun gurbin ƙaro karatu abin murna ne ga kowace ma'aikaciyar jinya, ko digirin jinya ne a jami'a irin ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Bayero da ke Kano, ko kuwa kwas ɗin ƙwarewa a fannin tiyata ko jinyar yara. Sai dai tsakanin takardar gurbin da ranar fara karatu akwai wata 'yar takarda mai shafi ɗaya da mutane ke rainawa, ita ce takardar ajiye aiki. Abu biyu ne ginshiƙinta: ranar da za a daina aiki, da yadda za a miƙa aikin. Idan waɗannan biyun suka tsaya, saura duk mai sauƙi ne.

Kafin ta ɗora alƙalami, akwai tambayar da ya kamata ta amsa: ajiye aikin ne ya dace, ko neman hutun ƙaro karatu? A aikin gwamnati ana ba da hutun karatu da albashi ko babu albashi, kuma wadda ta samu, gurbinta na jiranta. Mai ajiye aiki kuwa ta yanke igiya ke nan, in za ta dawo sai ta sake nema. Kuɗin fanshonta dai ba ya salwanta a ƙarƙashin tsarin adashen fansho, domin asusun da sunanta aka buɗe shi. Haka kuma idan gwamnati ko asibiti ne ya ɗauki nauyin karatunta na baya, ta duba ko ta sa hannu a yarjejeniyar yin aiki na wasu shekaru. In shekarun ba su cika ba, ana iya neman ta biya.

Mu ɗauki misalin wata nas a ɗakin maza na tiyata a wani babban asibiti. Za ta fara karatu a tsakiyar Oktoba. Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ita ce sanarwar wata guda, ko a biya albashin wata guda a madadinta. A asibitin kuɗi, abin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki shi ne abin bi, wani wurin ma har wata uku ake nema. Ita tata takardar wata guda ta ce, don haka ta miƙa wasiƙarta ranar 1 ga Satumba. Galibi da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, amma ga abin da ta ƙunsa:

“Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a ɗakin maza na tiyata, domin na samu gurbin ƙaro karatu. Wannan ita ce sanarwar wata guda kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada, kuma ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga Satumba. Ina godiya ga shugabar ɗaki da abokan aikina, waɗanda a hannunsu na ƙware wajen kula da marar lafiya bayan tiyata. A cikin wannan wata zan ci gaba da zuwa aiki bisa jadawali, zan miƙa rajistar magunguna da kayan aikin da ke hannuna ga wadda kuka zaɓa, kuma zan rubuta bayanin miƙa aiki kafin ranar 25 ga wata.”

Duba yadda ta ambaci ranar ƙarshe ƙarara. Kalmomi irin su “nan ba da jimawa ba” ko “ƙarshen wata mai zuwa” su ke jawo gardama da ofishin albashi. Godiyarta ma ta kama sunan abin da ta koya, kuma wannan ya fi jerin yabo ratsa zuciyar wadda ta koyar da ita. Ba ta sa ƙorafi ko ɗaya ba, ko da akwai shi, saboda wasiƙar fayil ɗinta za ta shiga, kuma fayil ɗin nan za a buɗe ranar da makaranta ko wani asibiti ya nemi shaidar halinta.

Wasiƙar ba ta tsallake kowa. Ana rubuta ta ga shugaban asibiti, amma ta bi ta hannun shugabar ɗaki, sannan shugabar sashen jinya. Ladabi shi ne ta fara samun shugabar ɗakin ta gaya mata baki da baki: “Sista, na samu gurbin karatu, na ga bai kamata ki ji a bakin wani ba.” Bayan haka ta kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ta riƙe. Wannan kwafin shi ne hujjarta idan aka ce wasiƙar ba ta iso ba, ko ta iso a makare.

Me ya sa wata guda? Saboda jadawalin aikin safe da yamma da dare tun kafin lokaci ake tsara shi. Nas ɗaya ta ɓace ba sanarwa, wata ce za ta kwana a madadinta, ko kuma mutum ɗaya ya riƙe ɗakin da ya kamata biyu su riƙe. Mai kwance a gado shi ke ɗanɗana wannan giɓin: allura ta wuce lokacinta, ruwan da aka ɗaura ya ƙare ba wanda ya lura.

Wurin da miƙa aiki ya fi buƙatar natsuwa shi ne kwabad ɗin magunguna masu tsananin ƙarfi, irin su mofin da fetidin, wanda ake kullewa, kuma kowace allura da ta fita sai an rubuta ta a rajista da sunan marar lafiya da lokaci da sa hannu. Ranar miƙawa, mai tafiya da mai karɓa su tsaya tare, su ƙirga kwalaben ɗaya bayan ɗaya, su gwada da abin da rajista ta ce. A ce rajista ta nuna goma amma tara ke cikin kwabad. Kada mai karɓa ta sa hannu, kada kuma mai tafiya ta gyara lissafi da biro. A koma takardun maganin marasa lafiya a nemo allurar da aka yi ba a rubuta ba. In ba a gano ba, a kai rahoto ga shugabar ɗaki da sashen magunguna a rubuce. Sai lissafi ya daidaita makulli ke sauya hannu.

Bayan magani sai kayan aiki: na'urar awon jini, ta awon suga, almakasai da sauran kayan wanke ciwo, kowanne da adadinsa da halin da yake ciki, har wanda ya lalace. Sannan sai abin da babu rajistar da ke ɗauke da shi, wato sanin da ke kanta. Wane marar lafiya ne jikinsa ba ya karɓar fenisilin? Wane ne ciwonsa ya fara ruwa, ana jiran sakamakon gwaji? Wane tsoho ne ba ya faɗin yana jin zafi sai an tambaye shi? Irin wannan bayani a littafin rahoton ɗaki ko takardar miƙa aiki yake zama, ba a cikin wasiƙar ajiye aiki ba, domin sirrin marar lafiya amana ne. Hanya mafi kyau ita ce mai karɓa ta yi aiki tare da ita na wasu kwanaki, su zaga gado-gado.

Ana gane miƙa aikin da ya yi kyau a makon da ya biyo bayan tafiya. Idan waya ta yi ta ƙara ana tambayar ina makulli, ina littafi kaza, to an bar giɓi. Don haka kada ta ɗauka hutun shekara da ta tara zai cinye wa'adin sanarwar, sai in an amince mata a rubuce. Ta kammala zagayen takardar sallama, ta mayar da katin shaida da duk kayan asibiti, ta karɓi takardar amincewa da ajiye aikinta, kuma ta ci gaba da sabunta lasisinta na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ko tana makaranta, domin da shi za ta koma bakin gadon marar lafiya idan ta gama.