3.4 Mafarkin Ruwa da Nutsewa: Matsayin Abin da Mai Mafarki Ya Ji a Ransa

A wannan sashe za a dubi yadda mafarki iri ɗaya kan sami fassara biyu saboda bambancin abin da masu yin sa suka ji a lokacin da suke cikinsa. An zaɓi mafarkin ruwa ne domin ruwa abu ne mai fuska biyu a tunanin Bahaushe. Shi ne damina da albarkar gona, shi ne kuma ambaliya da mazaunin iskoki, irin su Sarkin Rafi na bori.

Yawancin malaman da ke fassara mafarki a ƙasar Hausa sun dogara ne ga littattafan da ake danganta wa Muhammadu ɗan Sirin, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, da kuma Ta'aɗirul Anam na Abdulgani Annabulusi, wanda ya rasu a 1731. A cikinsu ruwa garau alama ce ta kyakkyawar rayuwa da ilimi, gurɓataccen ruwa kuwa wahala ce ko ciwo. Ambaliya kan nuna abokin gaba ko zalunci, nutsewa kuma dulmuya ce cikin duniya ko saɓo. To amma wanda ya tsaya ga wannan jeri kaɗai zai yi kuskure.

A ɗauki misalin mutum biyu da kowannensu ya yi mafarkin yana ƙetare kogi, ruwa ya kai masa wuya. Na farko ya ce bai ji ko ɗar ba, sanyin ruwan ma daɗi ya yi masa, ya farka ransa fes. Na biyu ya ce ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa, ya buɗe baki zai yi ihu murya ta ƙi fita, ya farka jiƙe da gumi. Mai fassara da ya san aikinsa zai tambayi launin ruwan, da ko mutum ya kai gaɓa, da abin da ya ji, sannan sana'arsa, domin zurfin da zai firgita ɗan tudu ba komai ba ne wurin Basarke. Na farkon ana iya ce masa zai shiga wata babbar hidima, kamar fatauci ko neman ilimi, ya kuma iya da ita. Na biyun sau da yawa ba a fassara masa komai. Hadisan Buhari da Muslim sun kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Wanda ya ga abin ƙi an umurce shi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada kuma ya ba kowa labari. Ke nan abin da aka ji ne ke fara tantance ko mafarkin na fassarawa ne.

Sai dai akwai wata sarƙaƙiya. Waɗannan littattafai sukan fassara tsoro a mafarki da aminci a farke, kamar yadda sukan fassara kukan da babu kururuwa a cikinsa da farin ciki. A ganin mai wannan bincike, abin da zai warware wannan shi ne inda tsoron ya ƙare. Idan mutum ya firgita, sannan ya kama reshe ko aka miƙo masa gora ya fita, tsoron ya zama hanyar kuɓuta, fassararsa kuma sauƙi bayan tsanani. Idan kuwa ya farka yana tsakiyar shan ruwa, babu ƙarshen da za a ɗora fassara a kai, sai firgici kawai.

Masana halayyar ɗan'adam sun biyo ta wata hanya dabam. Likitan ƙwaƙwalwa Ernest Hartmann na Amurka, a littafinsa na 1998 kan mafarki, ya nuna cewa waɗanda suka tsira daga gobara ko hari sukan yi mafarkin igiyar teku ta rufe su, alhali abin da ya same su bai shafi ruwa ba. A wurinsa ruwan hoto ne kawai da zuciya ta ara don ta zana fargabar da ta fi ƙarfinta. Wato jin ne ya haifi ruwan.

Wannan yana da amfani wajen gane iyakar fassara. Mutumin Maiduguri da ya ga ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, in yana ta maimaita mafarkin ruwa na shigowa ɗakinsa, kuskure ne a ce masa maƙiyi ne ke tafe. Abin da ya riga ya faru ne ke dawo masa, kuma idan ya wuce wata guda yana hana shi barci, ganin likita ya kamace shi. Haka nan mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci yana iya ganin yana nutsewa. Wanda ke kwana kusa da shi ne zai fi sanin wannan, domin shi ke jin lokacin da minsharin ya tsaya cik kafin mutum ya zabura yana haki.