Karatun Taswira a Allon Majigi: Tsayi, Nisa da Lambar Wuri

Taswirar da malamin labarin ƙasa ke haskawa da majigi an fara buga ta ne a takarda, bisa awo na musamman. Da zarar ta hau allo sai girmanta ya canja. Wasu bayananta suna nan daram, wasu kuma sun daina aiki, kuma dole mai karatu ya san bambancin.

Abu na farko shi ne layukan tsayi, waɗanda galibi ake zanawa da ruwan kasa. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga doron teku ya zo ɗaya, kuma tazarar tsayin da ke tsakanin layi da na kusa da shi ɗaya ce a duk faɗin taswirar. Ana rubuta wannan tazara a gindin taswira. A tsofaffin taswirorin Nijeriya masu ma'aunin 1:50,000 ƙafa 50 ce, don haka kafin a fara lissafi sai a tabbatar ko da ƙafa aka auna ko da mita. Sau da yawa akan yanke gindin taswirar wajen shirya hoton. Idan haka ta faru, sai a nemi layuka biyu masu lamba: in ɗaya na da mita 400, ɗayan 500, kuma akwai siraran layuka huɗu a tsakaninsu, gurbi biyar ke nan, tazarar ta zama mita 20.

Yadda layukan suka jeru shi ke nuna siffar ƙasa. Inda suka matsu, hawan yana da tsauri, inda suka yi wara-wara kuwa ƙasar ta kusa zama shimfiɗaɗɗiya. Zobba a cikin zobba, lambobinsu na ƙaruwa zuwa ciki, tudu ne ko dutse. Inda layukan suka tsallaka rafi sukan lanƙwashe kamar harafin V, tsinin yana duban inda ruwan ya fito. Girman hoto ba ya taɓa waɗannan lambobi ko kaɗan.

Ma'auni kuwa nan ne majigi ke ruɗin mutane. Ma'anar 1:50,000 ita ce santimita ɗaya a takarda daidai take da santimita 50,000 a ƙasa, wato santimita 2 kilomita ɗaya ce. Wannan lissafi na takardar asali ne kaɗai. Abin dogaro a allo shi ne sandar ma'auni da aka zana a jikin taswirar, domin tare suke girma, tare suke raguwa. Haka ma murabba'an raga, waɗanda a irin wannan ma'auni kowane gefensu yakan zama kilomita ɗaya.

A ɗauka an aza rula a allo, gefen murabba'i ya ba da santimita 10, maimakon 2 na takarda. Tsakanin wata rijiya da ke kan layin mita 400 da kan tudun da ke mita 500 an sami santimita 15. Nisan gaskiya kilomita 1.5 ne. Wanda ya ninka 15 da 50,000 zai sami kilomita 7.5, ninki biyar na gaskiya. Kuskuren zai bi shi har lissafin gangare: hawan mita 100 a cikin mita 1,500 ɗaya ne cikin 15, amma shi zai sami ɗaya cikin 75, ya ɗauki tudu a matsayin fili. Akwai kuma hoton da aka ja ta faɗi kawai don ya cika allo. Alamarsa ita ce murabba'an sun fi faɗi a kan tsawo, kuma awon da aka yi a kwance ba zai dace da na tsaye ba.

Na uku shi ne lambar wuri. Layukan raga na tsaye lambobinsu na ƙaruwa zuwa gabas, na kwance kuma zuwa arewa. Ƙa'ida ita ce a fara da na gabas, sannan na arewa, kuma kowane murabba'i yana ɗaukar lambarsa daga kusurwarsa ta kudu maso yamma. Rijiyar da ke tsakanin layukan tsaye 23 da 24, da na kwance 45 da 46, tana murabba'i 2345. Don ƙarin daidaito sai a kasa kowane gefe kashi goma da ido. In rijiyar na kashi 7 zuwa gabas da kashi 2 zuwa arewa, lambarta 237452 ce, wadda ke nuna fili mai mita 100 a kowane gefe. Wanda ya juya ya rubuta 452237 ya nuna wani wuri dabam, mai nisan kilomita sama da 30. Tunda kason murabba'i ake karantawa, lambar wuri ba ta canjawa komai girman allon, ko da an ja hoton ta gefe ɗaya.