Tudun Jos da Jita-jitar Tafasa Ruwa

Wani saƙo da ya yi yawo a wayoyin mutane game da yanayin Jos ya gauraya gaskiya da ƙarya, kuma da alama wanda ya rubuta shi bai tsaya ya tambayi ko ɗalibin sakandare ba kafin ya tura. Gaskiyar da ke cikinsa ita ce birnin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma da yake zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, Jos ta fi garuruwan da ke gindin tudun sanyi. Batun yawan ruwan sama shi ma haka yake, domin iskar damina mai ɗauke da laima daga Tekun Atlantika tana cin karo da tudun ta kudu maso yamma, ta hau, ta huce, laimar ta zama hadari. Iƙirarin cewa babu garin da ya kai Jos tsayi a Najeriya kuwa, Gembu da ke tsaunin Mambila ta isa ta ƙaryata shi.

Inda saƙon ya zama haɗari shi ne cewar da ya yi wai tafasa ruwan sha a Jos ɓarnar gawayi ce, saboda ruwa ba ya yin zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta. Matsin iska, wato nauyin iskar da ke danne kowane abu daga sama, yana raguwa idan aka hau tudu, daga kimanin miliba 1,013 a bakin teku zuwa wajen 875 a tsayin Jos, kuma ruwa yana tafasa ne a lokacin da ƙarfin tururinsa ya kai wannan matsi. Shi ya sa tukunyar da ke tafasa a digiri 100 a Legas take tafasa a kusan digiri 96 a Jos. Uwargidan da ta ga wakenta yana daɗewa bai nuna ba tana da hujjar yarda da saƙon, don haka ba a ga laifinta ba.

Sai dai nunar wake daban, mutuwar ƙwayar cuta daban. Ƙwayoyin da ke haddasa kwalara da taifot suna mutuwa tun zafin ruwa yana wajen digiri 70, wato tun kafin ya fara tafasa, saboda haka digiri huɗun da tudu ya rage ba su taɓa amincin ruwan ba. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce a bar shi yana tafasa minti ɗaya, sai a wuraren da suka haura mita 2,000, irin su Addis Ababa, ake ƙara shi zuwa minti uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne sauke tukunya da zarar ƙananan kumfa sun bayyana a gindinta, alhali wannan iska ce kawai da ke fita daga ruwan. Ana fara ƙirga mintin ne idan saman ruwan ya shiga birkicewa da manyan kumfa waɗanda ba sa lafawa ko an juya da ludayi.