Na Biya Shekara Guda, Bashin Bai Motsa Ba: Yadda Ake Karanta Jadawalin Biyan Rance

A ce wani ma'aikacin gwamnati ya karɓi rancen Naira miliyan ɗaya a banki domin ya rufa ɗakunan da ya daɗe yana ginawa. Kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, za a biya cikin shekara biyar, duk wata ana cire masa Naira 28,768 daga albashi. Shekara ta zagayo bai taɓa fashi ba. Ya lissafa abin da ya zuba, ya ga Naira 345,216, sai ya ce a ransa ai ya ci kashi ɗaya bisa uku na bashin. Da ya je ya tambayi abin da ya rage, aka miƙo masa takarda: Naira 882,403. Wato duk zubin nan na wata goma sha biyu, Naira 117,597 kacal ce ta tafi ga uwar kuɗi, sauran Naira 227,619 kuɗin ruwa ne ya haɗiye.

Mai irin wannan labari yakan fito daga banki yana rantsuwa cewa an yi masa coge. Sau da yawa ba a yi ba. Abin da ya faru yana rubuce layi-layi a wata takarda da aka haɗa masa da takardar yarjejeniya, wadda ya naɗe ya jefa a aljihu bai duba ba: jadawalin biyan bashi.

Jadawalin yana da layi ɗaya ga kowane zubi, a nan layi 60. Kowane layi yana faɗin abu huɗu: nawa za ka biya, nawa ne kuɗin ruwa a ciki, nawa ne ya tafi ga uwar kuɗi, sannan nawa ya rage a kanka. Ƙa'idar da ke tafiyar da shi guda ɗaya ce. Kowane wata banki yana duba abin da ya rage a kanka, ya lissafa ruwan wannan watan a kai, ya fara ɗibar ruwansa daga zubinka, abin da ya yi saura shi ne yake rage bashin.

Mu bi lissafin da hannu. Kashi 24 a shekara, idan aka raba shi gida goma sha biyu, kashi 2 ke nan a wata. A watan farko miliyan ɗayan tana nan cif, don haka ruwanta Naira 20,000 ne. Cire shi daga 28,768, saura 8,768. Wannan ɗan abin shi ne ya taɓa bashin, ya mayar da shi 991,232.

A wata na biyu ba a kan miliyan za a lissafa ruwa ba, a kan 991,232 ne. Kashi 2 nata ya kama 19,825, sai uwar kuɗi ta samu 8,943. Zubin bai canza ba, amma Naira 175 ta bar ɓangaren ruwa ta koma ɓangaren uwar kuɗi. Haka abin yake tafiya wata bayan wata, kamar mai kwashe rairayi da cokali: ruwa na ɗan sauka, rabon uwar kuɗi na ɗan hawa. A wata na goma sha biyu ruwan yana kan 17,866, uwar kuɗi tana samun 10,902. Sai a wata na 26, bayan fiye da shekara biyu, ɓangarorin biyu suke yin kunnen doki, kowanne wajen 14,384. Daga nan ne abin yake juyawa. A tsakiyar wa'adi, wata na 30, mutumin ya biya rabin zubinsa amma ana binsa kimanin Naira 644,300, kusan biyu bisa uku na abin da ya karɓa. A layi na ƙarshe kuwa ruwan bai wuce Naira 564 ba, sauran 28,204 duk uwar kuɗi ce, kuma da ita bashin yake mutuwa.

To daga ina aka samo 28,768 ɗin tun farko? Ba ƙiyasi ba ne. Shi ne adadi guda ɗaya tak wanda idan aka biya shi sau 60 a kan wannan ƙa'ida, layin ƙarshe zai faɗa a kan sifili. Mai kwamfuta ko waya mai Excel zai iya fitar da shi da kansa idan ya rubuta `=PMT(0.02,60,-1000000)`, wato ruwan wata, yawan watanni, da kuɗin da aka ranta. Ina ganin duk wanda zai sa hannu a takardar rance ya kamata ya yi wannan gwajin na minti ɗaya, ko ya sa ɗansa ya yi masa.

Idan aka tara zubi sittin ɗin, mutumin zai biya Naira 1,726,078, ruwa kawai 726,078. Da a shekara ɗaya ya amince zai biya, da zubin wata ya haura zuwa 94,560, amma duk ruwan da zai biya 134,715 ne. A watan farko ruwan dai 20,000 ne a duka biyun, tunda miliyan ɗaya ce kuma kashi 2 ne. Bambancin shi ne mai gajeren wa'adi yana saran uwar kuɗi da 74,560 tun a karon farko, shi kuwa mai dogon wa'adi yana yagar ta da 8,768. Sauƙin zubi da ma'aikacin banki yake yi wa mutum tallansa, da tsawon zaman bashi ake sayensa.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne rancen gida. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a Najeriya a 1992 kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake gudanarwa, yana ba da rance a kan kashi 6 a shekara, wa'adi har shekara 30. Ruwan yana da sauƙi ƙwarai idan aka gwada da na kasuwa. Duk da haka, wanda ya karɓi miliyan goma a wannan tsari zai riƙa biyan Naira 59,955 a wata, kuma a watan farko 50,000 ruwa ce. Sai ya shiga shekara ta goma sha tara kafin rabon uwar kuɗi ya zarce na ruwa.

Akwai wani tsarin lissafi na daban, kuma a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Wasu masu ba da rance, musamman na gajeren zango, ba sa lissafa ruwa a kan abin da ya rage. Suna lissafa shi a kan kuɗin da aka ranta tun ranar farko, har ƙarshen wa'adi, kamar ba ka taɓa mayar da ko kwabo ba. Masu harkar suna ce masa filat. A kan miliyan ɗin nan tamu, kashi 24 filat na shekara biyar yana nufin 240,000 sau biyar, wato ruwa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, zubin wata kuma 36,667. Takardu biyu, kowacce ta rubuta kashi 24, amma tsakaninsu akwai kusan Naira 474,000. Gane shi ba wuya: bi sahun kuɗin ruwa a jadawali daga sama zuwa ƙasa. Idan yana raguwa layi bayan layi, a kan abin da ya rage ake lissafi. Idan ka ga 20,000 a layin farko, 20,000 a layi na talatin, 20,000 a na ƙarshe, filat ne. Wanda ya ƙi ba ka jadawali gaba ɗaya, ya ce ai za ka riƙa ganin saƙo a waya, ya riga ya ba ka amsa.

Sanin wannan rabon yana da amfani a aljihu, ba a kai kawai ba. Mu koma ga mutuminmu a ƙarshen shekarar farko, ana binsa 882,403. A ce an biya shi wasu kuɗaɗen ariya, ya ɗauki Naira 100,000 ya zuba a kan uwar kuɗi, ya ci gaba da zubinsa yadda ya saba. Maimakon wata 48 da suka rage masa, zai gama a wata 40, kuma ruwan da ya kuɓuta daga biya ya kai wajen Naira 140,000. Dalili kuwa, wannan dubu ɗarin da ta zauna a cikin bashin, da ta yi ta haihuwar ruwa duk wata har kusan ƙarshe. Idan ya jira sai shekarar ƙarshe ya kai ta, ɗan abin da zai tsira da shi kaɗan ne, don a lokacin an riga an sha yawancin ruwan. Sai dai sharaɗi biyu: ya tabbatar a rubuce cewa kuɗin a kan uwar kuɗi aka ɗora su, ba ajiye su aka yi a matsayin zubin watanni masu zuwa ba, sannan ya duba ko yarjejeniyarsa ta sa tara a kan biya kafin wa'adi. Bayan haka ya nemi sabon jadawali.

Jadawali alkawari ne da aka gina a kan cewa komai zai tafi daidai. Idan albashi ya makara aka tsallake zubi, ruwa ba ya jira, yana ci gaba da hawa kan abin da ya rage, ga kuma tarar jinkiri. Idan yarjejeniyar ta ce banki na iya sauya ruwa gwargwadon yanayin kasuwa, to ranar da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga nasa ma'aunin, ana iya sake lissafin, zubi ya ƙaru ko wa'adi ya tsawaita. Sannan akwai kuɗin da ba sa bayyana a jadawali sam, irin su kuɗin gudanarwa da na inshora, waɗanda akan zare tun kafin rancen ya shiga asusu. Mutum ya karɓi abin da bai kai miliyan ba, ruwa kuwa a kan miliyan cikakkiya ake lissafa shi.

Mai karatu da yake gudun riba saboda addini zai ce wannan duk ba ruwansa. Amma bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma suna ba da jadawali. A cinikin murabaha banki ne yake sayen kayan, ya sayar maka da ribar da kuka amince a kai, ka biya kaɗan-kaɗan. Jimillar kuɗin a yanke take tun ranar ciniki, ba ta bin hawa da saukar ruwan kasuwa. Ta ɗaya gefen kuma, tunda farashi ne ba ruwan wata-wata ba, wanda ya kawo kuɗi da wuri bashin farashin gaba ɗaya ne a kansa, rangwamen da za a yi masa kuma ya danganta da tsarin bankin. Wannan tambaya ce da ake yi kafin a sa hannu: idan na kammala biya a wata na goma sha biyu maimakon na sittin, nawa zan kawo?