Ajin komai-da-ruwanka: yadda manhaja ke yin wari, da yadda ake gyara ta sannu a hankali

A watan Fabrairu na shekarar 2020 harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A takarda, lamba ɗaya ce ta sauya. Amma a ce kana da babban kanti mai amfani da manhaja wajen lissafin ciniki, ka kira wanda ya rubuta maka ita domin ya gyara lambar, sai ya ce ka ba shi mako guda. Za ka ɗauka so yake ya ƙara kuɗin aiki. Sau da yawa kuwa gaskiya yake faɗa, matsalar tana cikin yadda aka gina manhajar.

Yawancin manhajojin yau ana rubuta su ne kashi-kashi. Kowane kashi ana kiransa aji, a rubutun kwamfuta kuma za ka gan shi da kalmar `class`. Aji yana riƙe da bayanansa, yana kuma da ayyukan da yake yi da su. Kamar ma'aikatan kanti ne: akwai mai karɓar kuɗi, akwai mai kula da sito, akwai mai kai saƙo, kowa da littafinsa. Idan lissafin sito ya rikice, an san wanda za a tambaya.

To, akwai ajin da yakan tattara dukkan ayyukan a hannunsa, ya bar sauran azuzuwan da riƙon bayanai kawai. Masu sana'ar a Turance suna yi masa laƙabin da ke nuna cewa ya san komai kuma yana juya komai, laƙabin da Arthur Riel ya yi amfani da shi a littafinsa na 1996 kan ƙa'idojin tsara manhaja. A Hausa sunan da ya fi dacewa da shi shi ne komai-da-ruwanka. A manhajar kantinmu, ga yadda kansa yake:

```python
class Shago:
    def sayar(self, kaya, mai_saye): ...
    def lissafa_haraji(self, kudi): ...
    def rage_kaya_a_sito(self, kaya): ...
    def buga_rasit(self, ciniki): ...
    def aika_sako(self, lambar_waya): ...
```

Ba wanda ya zauna ya tsara shi haka. Da farko `Shago` layi ɗari ne, sayarwa kawai yake yi. Sai mai kanti ya ce a sa rasit, mai rubutun ya duba ya ga farashi da sunan mai saye duk suna cikin `Shago`, ya ƙara aikin a nan domin ya fi sauri. Bayan wata biyu aka buƙaci saƙon waya ga masu bashi, aka sake yin haka. Kowane ƙari yana da hujjarsa a ranar da aka yi shi. Bayan shekara uku sai a tarar da layi dubu uku a fayil ɗaya, wanda kowa ke tsoron taɓawa.

Irin waɗannan alamu su ake kira warin manhaja. Kent Beck ne ya ƙirƙiro wannan kwatancen, ya kuma bazu ta littafin Martin Fowler mai suna Refactoring, wanda ya fito a 1999 aka sake sabunta shi a 2018. Wari ba ya nufin manhajar ta daina aiki. Kantin yana ciniki, rasit yana fita daidai. Kamar miya ce da ta fara sauya ƙamshi: ba a zubar da ita nan take, amma mai hankali yakan buɗe tukunyar ya duba.

Girman aji kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Abin da ake dubawa shi ne dalilai nawa ne ke sa a buɗe shi. `Shago` ana buɗe shi idan gwamnati ta sauya haraji, ana buɗe shi idan an sayi sabuwar na'urar buga rasit, ana buɗe shi idan kamfanin tura saƙo ya sauya tsarinsa. Dalilai uku ke nan da ba su da alaƙa da juna. Robert C. Martin ya taƙaita ƙa'idar da cewa ya kamata aji ya kasance yana da dalilin sauyawa guda ɗaya. Wanda ke adana tarihin aikinsa da manhajar Git yana iya ganin haka da idonsa ta wannan umarni:

```
git log --oneline -- shago.py
```

Idan jerin da ya fito ya haɗa gyaran haraji da na rasit da na sito da na saƙo duk a fayil ɗaya, to an kama komai-da-ruwanka. Wata alamar kuma ita ce wahalar gwaji. Kana so ka duba ko lissafin haraji daidai ne, amma ba ka iya tayar da `Shago` sai ka haɗa shi da rumbun bayanai da na'urar rasit.

Akwai warin da ke kishiyar wannan, kuma sukan zauna a gida ɗaya: gyara ɗaya da ke buƙatar a taɓa wurare da yawa. Shi ne ya sa mai rubutun ya nemi mako guda. Lambar `0.05` ba a wuri ɗaya take ba. Tana wajen sayarwa, tana wajen rasit, tana cikin rahoton ƙarshen wata, tana wajen mayar da kaya. Mafi muni, akwai wata `0.05` ɗin da ba ta haraji ba ce, ta rangwamen kashi 5 ce da ake yi wa tsofaffin abokan ciniki. Wanda ya umarci kwamfuta ta maye gurbin kowace `0.05` da `0.075` ya gyara haraji, ya kuma ƙara wa masu saye rangwame ba da sanin mai kanti ba. Wari na uku shi ne kwaɗayin kayan maƙwabci, wato aikin da ke zaune a wani aji amma duk bayanan da yake amfani da su na wani ajin ne. `buga_rasit` yana cikin `Shago`, alhali farashi da adadi da ranar da yake karantawa duk na ciniki ne. Can ya kamata ya koma.

Duk wanda ya gaji irin wannan fayil, abin da ke fara zuwa masa shi ne a rushe a sake gini. Kamfanin Netscape ya gwada haka da manhajarsa ta shiga intanet. Fitowa ta 4 ta zo a 1997, ta 5 ba ta taɓa fitowa ba, ta 6 kuma sai a ƙarshen shekarar 2000, lokacin da Internet Explorer ya riga ya cinye kasuwar. Tsohuwar manhaja, duk muninta, tana ɗauke da darussan shekaru: wani layi an sa shi ne ranar da aka gano mai saye na iya biyan rabi a hannu rabi ta banki. Sabon gini yakan manta da irin waɗannan, kuma kanti ba zai rufe ya jira ba.

Hanyar da ta fi aminci ita ce gyaran tsari, wato sauya yadda aka jera cikin manhaja ba tare da an sauya abin da take yi ba. Matakin farko ba ya taɓa `Shago` ko kaɗan. Ana rubuta gwajin da zai riƙe halin da manhajar ke ciki yau, dabarar da Michael Feathers ya bayyana a littafinsa na 2004 kan aiki da tsofaffin manhajoji. A ɗauka an riga an lallaɓa an sa sabon harajin. Mai saye ya ɗauki kayan naira 10,000, an yi masa rangwamen kashi 5, saura 9,500, harajinsa ya kama naira 712.50.

```python
def test_haraji():
    shago = Shago()
    assert shago.lissafa_haraji(9500) == 712.5
```

Ana rubuta irin wannan ga kowane wurin da ake lissafa haraji. A nan ne abin mamaki kan fito. Wataƙila rahoton wata yana ɗora haraji kan 10,000 kafin rangwame, ya ba da naira 750, bambancin naira 37.50 a ciniki ɗaya. Kada ka gyara shi yanzu. Rubuta gwajin da 750 ɗin, ka sanar da mai kanti. Fowler ya rawaito kwatancen Beck na hula biyu: ta gyaran tsari da ta sauya aiki, kuma ba a sa su tare. Idan ka haɗa su lissafi ya sauya, ba za ka san ko gyaranka ne ko kuskurenka ba.

Mataki na biyu shi ne a zaɓi aiki ɗaya a fitar da shi. Haraji ya dace a fara da shi domin lissafi ne zalla, ba ya buƙatar na'ura ko rumbun bayanai, kuma shi ne ya ba da wahala kwanan nan.

```python
class Haraji:
    KASO = 0.075
    def lissafa(self, kudi):
        return round(kudi * self.KASO, 2)

class Shago:
    def lissafa_haraji(self, kudi):
        return Haraji().lissafa(kudi)
```

Lura da cewa tsohon aikin bai ɓace ba. Yana nan a `Shago`, amma ya zama ɗan aike, yana miƙa tambayar ga sabon aji. Saboda haka duk sassan da suka saba kiransa ba su san an yi wani sauyi ba. A kunna gwaji. Idan ya wuce, a adana aikin a Git. Sannan a koma wajen rasit, a cire lissafin da ke can a sa ya tambayi `Haraji`, a sake gwaji, a sake adanawa. Haka za a bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. Kowane mataki ya kasance ƙarami, ta yadda idan gwaji ya faɗi za a iya komawa baya ba tare da asarar fiye da 'yan mintuna ba. Ranar da ba sauran mai kiran ɗan aiken, sai a goge shi. Daga nan sauya haraji ya zama gyaran layi ɗaya.

Sito da rasit da saƙo su ma haka za a yi musu, amma ba dole a mako ɗaya ba. Idan an nemi gyara a rasit, lokacin ne za a fitar da rasit. Sabon aiki kuwa, kamar katin rangwame, a ba shi ajinsa tun ranar farko, `Shago` ya riƙa kiransa kawai. Da haka ƙaton yake daina girma, sannan ya fara ramewa.

Gyaran ma yana da nasa tarkon. Wani yakan kwashe rabin `Shago` ya zuba a sabon aji mai suna `Mataimaki`, ya ce ya raba, alhali ya haifi komai-da-ruwanka na biyu ne. Idan ka kasa ba aji sunan da ke faɗin aikinsa guda, rabon bai yi ba. Wani kuma yakan wuce gona da iri, ya farfasa manhajar zuwa ƙananan azuzuwa masu yawa har bin sawun ciniki ɗaya ya buƙaci buɗe fayil goma. Sannan akwai ajin da yake da muni amma shekara biyu ba wanda ya buƙaci taɓa shi. Wannan a ƙyale shi, domin kuɗin gyaransa ba zai dawo ba.

Mai kanti ba sai ya iya karanta layi ko ɗaya ba kafin ya gane halin da manhajarsa ke ciki. Idan ƙaramin gyara ya fara cin kwanaki, ko an gyara rasit sai sito ya rikice, ya tambayi mai rubutun abu biyu: wurare nawa za ka taɓa, kuma akwai gwajin da zai nuna ba ka ɓata wani abu ba? Idan amsar ta farko ta fi wuri ɗaya ko biyu, ta biyun kuma babu ce, to ya ba shi lokacin rubuta gwajin kafin ya nemi sabon abu.