Zomo da Zaki a Bakin Yaran Dabai

Yaro a Dabai, a ƙasar Zuru, yakan tashi da C'lela a gida, Hausa kuwa ya tsince ta a kasuwa da wajen wasa. Duk wanda zai mayar masa da hikayar Larabawa zuwa Hausa, kunne ya kamata ya fara yi wa rubutu kafin ido.

Mu ɗauki labarin zomo da zaki na littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa'i ya juya daga tsohon Farisanci zuwa Larabci a ƙarni na 8. Namun daji sun yi alkawari da zaki za su riƙa aika masa da ɗayansu kullum, don ya bar farautarsu. Ranar da ƙuri'a ta faɗa kan zomo, ya yi jinkiri da gangan, ya ce wani zaki ne ya ƙwace ɗan'uwansa da aka aiko shi da shi. Ya kai zaki bakin rijiya, zaki ya ga inuwarsa, ya afka.

Larabcin littafin yana jan jimla mai tsawo. In aka bi shi kalma da kalma, numfashin mai karatu zai ƙare kafin a isa rijiya. Tatsuniya kuwa gaɓa-gaɓa take tafiya, "sai" na jan zarenta. Ga yadda zan faɗi ƙarshen: "Zaki ya leƙa. Sai ga zaki! Ya harare shi, shi ma ya harare shi. Sai ya daka tsalle, tsundum!" Kowace gaɓa numfashi ɗaya ce, kuma "tsundum" ta ɗauke wa marubuci dogon bayani.

Sai dai gajartawa tana da iyaka. A asalin labarin, zomo yana jikin zaki sa'ad da suka leƙa, don haka cikin ruwa zaki ya ga zaki riƙe da zomo, abin da ya gaskata ƙaryar ke nan. Mai gaggawa yakan zubar da wannan, sai dabarar ta rage kaifi, zaki ya koma wawa kawai.

Haka kuma kada a musanya zomo da Gizo don neman kusanci. Yara sun san Gizo da haɗama, wayonsa na cikinsa ne, zomo kuwa jama'arsa ya ceta.

Abubakar Imam ya nuna hanyar a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937: ya ɗebo labarai daga Larabci da wasu harsuna, ya sa su a bakin aku, har mai karatu ya manta baƙi ne.

Gwajin aikin ba wuya. Malami ya karanta wa 'yan aji da babbar murya, ya rufe littafi, ya ce wani ya maimaita. Inda yaro ya tsallake, nan jimla ta yi nauyi, ko wata kalmar Larabci ta tare masa hanya. A gyara wurin, a sake karantawa.