Kafin a shafa rini: takardar da ya kamata kowane shagon gyaran gashi ya tanada

Mai yiwuwa ne mace ta shafa rinin gashi ranar Alhamis ta koma gida lafiya ƙalau, ranar Asabar ta wayi gari fatar kanta na ƙuna, bayan kunnuwa sun yi ƙuraje masu ruwa, idanu sun kumbura. Yawanci sinadarin da ke jawo haka shi ne PPD, wanda ke cikin mafi yawan baƙin rini, kuma da shi ake haɗa baƙin lallen da ake zana wa amare. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta taƙaita shi zuwa kashi 2 cikin 100 a rinin da aka gauraya, amma lallen da mai ƙunshi ta haɗa da hannunta babu wanda ya auna shi. Jikin da ya taɓa ƙin PPD kuwa ba ya mantawa.

Saboda haka tambayar farko a takardar amincewa, bayan suna da lambar waya da kwanan wata, ita ce ta lalle. Kada a rubuta "Kina da wata matsalar fata?", domin kowa a'a zai ce. A rubuta yadda mai amsa za ta tuna: "An taɓa yi miki baƙin lalle wurin ya yi ƙaiƙayi, ko ƙuraje, ko tabo?" Daga nan a tambayi ko rini ya taɓa ba ta matsala, da ko akwai ciwo ko kyasbi a kanta yanzu. A bar gurbin i ko a'a, ita da kanta ta cika. In ba ta karatun boko a karanta mata da Hausa a gaban shaida, ta dangwala yatsa.

A ce amarya ta zo Litinin, biki Asabar. Ta amsa cewa bara an yi mata baƙin lalle, zanen ya tashi ya yi ruwa. A nan magana ta ƙare: ba rini, ba ma gwajin, domin gwajin kansa zai iya tayar da ciwon. Mai shago ta rubuta "an ƙi yin aiki" da dalili, su biyun su sa hannu. In kuma duk amsoshin a'a ne, sai a gauraya ɗan rinin yadda kamfanin ya rubuta a kwali, a ɗiga kamar ƙwayar wake a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, a jira awa 48. Takardar ta nuna sunan rinin, lambar kalarsa, lambar rukunin da ke jikin kwali, wurin da aka ɗiga, da ƙarfe nawa. Ranar Laraba mai shago ta duba da idonta, ta rubuta abin da ta gani. "Ta ce lafiya" ta waya ba shaida ba ce. Ja, kumburi ko ƙaiƙayi, ko kaɗan ne, ya isa a fasa. In aka sauya rini, gwajin jiya bai shafi na yau ba.

Dole takardar ta faɗi gaskiya cewa gwaji mai kyau ba tabbaci ba ne, domin wani jikin sai bayan mako ɗaya ko biyu yake nunawa. Abin da ba na so shi ne layin nan da wasu ke maƙalawa: "Shago ba ya ɗaukar alhakin komai." Sa hannu ba ya wanke sakaci. Abin da ke kare mai shago shi ne rubutun da ke nuna ta yi tambaya, ta yi gwaji, ta bi umarnin kwali. Kwalayen rini da yawa kuma sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne, don haka sa hannun uwa ba ya sauya komai.

Takardar da za ta tafi da ita gida gajera ce. A sama sunan rinin da ranar shafawa, domin likita zai tambaya. In ƙaiƙayi ko ja ya fito, ta wanke da ruwa mai yawa da sabulu mai laushi, kada ta sosa ko ta shafa man zafi, ta ɗauki hoto, ta kira shago, ta ga likita. Layi na ƙarshe a rubuta shi da manyan baƙaƙe: kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, sarƙewar numfashi, ko jiri, a wuce asibiti nan take, ba sai an kira kowa ba.

A yi kwafi biyu. Na shago a kulle shi a durowa, domin bayanin lafiyar mutum sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. Ke kuma mai zuwa gyara, in biki Asabar ne, ki je shago tun Litinin.